Yadda ake rubuta wa WAEC wasiƙar neman ƙarin lokaci ga ɗalibi mai sikila

Ɗiyar yayata tana ajin ƙarshe na sakandare a nan Agege, kuma tana da sikila. Karatu ba ya ba ta wahala. Abin da ke ba ta wahala shi ne riƙe biro. Kimanin shekara biyu ke nan da ƙashin kafaɗarta ta dama ya fara lalacewa saboda jini ba ya isa gare shi yadda ya kamata, abin da ya kan sami wasu masu wannan lalura a kafaɗa ko a ƙugu. Da aka yi jarrabawar gwaji a makarantarsu ta dawo gida ta miƙo mini takardar Turanci. Shafin farko rubutu ne tsaf kamar na ɗab'i, shafi na biyu haruffan sun fara kwanciya, na uku kuwa layi huɗu ne kawai aka karɓe takarda. Ta ce, "Kawu, wallahi na san amsar, hannuna ne ya ƙi."

Daga nan muka shiga neman ƙarin lokaci. Abin da na koya a hanya shi zan shimfiɗa a nan, domin na san a Agege, Idi-Araba da Mile 12 akwai gidaje da yawa masu irin wannan yaro, kuma galibi ba a tuna maganar sai jarrabawa ta rage mako guda.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga farko. Hukumar jarrabawa ba ta ba da ƙarin lokaci don sunan ciwo. Masu sikila da yawa suna rubutu da sauri kamar kowa, kuma jami'in da zai karanta wasiƙarka ya san haka. Abin da zai duba shi ne me ciwon yake hana wannan yaron yi a cikin ɗakin jarrabawa, kuma minti nawa yake cinye masa. Duk matakan da ke ƙasa aikinsu ke nan, su amsa wannan tambayar da shaida.

Mataki na farko: fara da makaranta, kuma lokacin rajista

Idan yaro zai zauna jarrabawar da ake yi a watannin Mayu da Yuni a matsayin ɗalibin makaranta, to makarantar ce take yi masa rajista, ita ce kuma WAEC take magana da ita. Saboda haka kada ka ɗauki fayil ka nufi babban ofishin hukumar da ke Yaba kai tsaye kana tsammanin a gama maka a ranar. Je ka wurin shugaban makaranta, ka roƙi ya haɗa ka da malamin da ke kula da harkar jarrabawa, domin shi ne yake cike bayanan ɗalibai.

Tambayoyi biyu za ka yi masa. Na farko, an riga an tura sunayen ɗalibai? Na biyu, an nuna cewa yaron nan mai buƙata ta musamman ne a bayanansa? Idan ba a tura ba, ka yi sa'a, sai ka tsaya a sa wannan alamar a gabanka. Idan an tura ba tare da ita ba, wasiƙar ta ƙara zama dole, kuma kowace rana tana da tsada. Ni shawarata a fara maganar tun zangon farko na ajin ƙarshe. Rahoton likita kaɗai yana iya cin makonni, ballantana zirga-zirgar takarda tsakanin makaranta da ofis a cunkoson Legas.

Wanda ya yi rajista da kansa a matsayin ɗalibi mai zaman kansa ba shi da shugaban makaranta a tsakani. Shi zai nuna lalurarsa yayin cike bayanai, sannan ya kai wasiƙarsa ofishin hukumar da hannunsa.

Mataki na biyu: auna abin da ciwon yake ci

Wannan shi ne matakin da kusan kowa yake tsallakewa, alhali shi ne ƙashin bayan wasiƙar, kuma ba ya cin ko kobo.

Mun roƙi malamar Turancinsu ta zaunar da ita tare da ɗalibai uku masu matsakaicin ƙoƙari daga ajinsu. Aka ba su shafi guda na littafi, aka ce su kwafa na minti 10 da agogo. Kwafi muka zaɓa da gangan, ba ƙirƙirar rubutu ba, don kada a ce tunani ne ya yi mata jinkiri. Ɗalibai ukun suka rubuta kalmomi 180, 190 da 205. Ita ta rubuta 120. Aka bar su suna ci gaba da rubutu har rabin awa, sannan aka sake aunawa na wasu minti 10. Su ukun kusan ba su canza ba. Ita ta sauko zuwa kalmomi 80, kuma sau biyu tana ajiye biro tana dafe kafaɗa. Malamar ta rubuta duk wannan a takardar makaranta mai tambari, ta sa kwanan wata da hannu, muka maƙala ainihin shafukan da aka kwafa.

Ga amfanin lissafin. A takarda ta biyu ta Turanci ana so ɗalibi ya rubuta insha'i na kalmomi aƙalla 450, kuma ana ba shi shawarar ya kashe minti 50 a kai, cikin awa 2 da aka ware wa takardar gaba ɗaya. Mai rubuta kalmomi 19 a minti zai zuba kalmomi 450 cikin kimanin minti 24, sauran lokacin na tunani ne da gyara. Ita a kan kalmomi 12 a minti tana buƙatar kusan minti 38 na motsa hannu zalla. Idan kafaɗar ta gaji ta koma 8 a minti, minti 56 ke nan, wato ta wuce lokacin sashen tun ba ta tsaya ta yi tunanin komai ba, ga kuma tambayoyin fahimta da na taƙaitawa suna jira. Idan ka raba 190 da 120 za ka samu ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Da wannan muka san abin da za mu roƙa, ba mu yi ƙiyasi da ka ba.

Idan ka auna ka tarar saurin yaronka daidai yake da na tsaransa, to kada ka roƙi ƙarin lokaci. Wataƙila abin da yake buƙata hutu ne, ko izinin shan ruwa da fita bayan gida. Roƙi abin da awon ya nuna.

Mataki na uku: rahoton likita mai magana

Rahoton farko da muka karɓo daga asibitin da take zuwa layi uku ne. Ya ce an san ta a asibitin, jininta SS ne, a taimaka mata. Gaskiya ne duka, amma babu abin da jami'in jarrabawa zai yi da shi. Laifin namu ne, domin ba mu gaya wa likitan abin da za a yi da takardar ba. Da muka koma na ce, "Likita, ranka ya daɗe, hukumar jarrabawa za mu kai wa, kuma so muke su gane abin da kafaɗar take hana ta yi." Na nuna masa awon malamar. Nan take ya gane, ya rubuta sabo.

Ka nemi rahoton daga wurin likitan da yake ganin yaron a kai a kai, wanda fayil ɗinsa yake hannunsa, kuma idan da hali daga asibitin gwamnati. A Legas akwai LUTH a Idi-Araba, LASUTH a Ikeja, da asibitin ƙashi na Igbobi ga wanda matsalarsa ta kai ga ƙashi. Rahoton ya kasance a takarda mai tambarin asibiti, da cikakken sunan yaron kamar yadda yake a rajistar jarrabawa, da kwanan wata na kusa. Rahoton shekara uku da suka wuce ba ya faɗin halin da ake ciki yau. Ya ambaci lalurar da tun yaushe take, ya faɗi gaɓar da ta taɓu, kuma ya nuna cewa hannun rubutu ne. Sannan ya faɗi a fili abin da likitan yake ba da shawara: ƙarin lokaci a takardun rubutu, damar tsayawa a huta, ruwan sha a kusa. A ƙasa sunan likita, muƙaminsa, sa hannu da hatimi. Idan an ɗauki hoton ƙashi, karɓo bayanin da aka rubuta a kansa ka haɗa.

Maganar ruwa da bayan gida kada ka raina ta. Ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, haka sanyi da gajiya. Ƙodar masu sikila da yawa ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran mutane, shi ya sa suke yawan fitsari, kuma dole su riƙa sha. Jarrabawar nan kuma a tsakiyar daminar Legas take faɗowa. Yarinyar da ruwan sama ya jiƙa a hanya, ta zo aka zaunar da ita ƙarƙashin fanka awa biyu babu ruwan sha, an haɗa mata duk abin da ke kwantar da ita. Idan likita bai rubuta ba, mai sa ido yana da hujjar hana ta.

A kula da suna. Idan katin asibiti yana ɗauke da sunan gida, rajista kuma tana ɗauke da sunan yanka da na mahaifi, a gyara tun a asibiti. Bambancin harafi guda yana iya dawo da takarda baya.

Mataki na huɗu: wasiƙar kanta

Da Turanci za a miƙa ta, domin shi ne harshen aikin hukumar. Amma ni na fi son a fara tsara ta da Hausa a gida, iyaye da yaron su yarda da kowane layi, sannan a ba malami ya mayar da ita Turanci ba tare da ya ƙara mata ado ba. Shafi ɗaya ya isa, a buga da na'ura. A sama adireshinka da kwanan wata. Sai wanda ake rubuta wa, wato shugaban ofishin WAEC na ƙasa da ke Yaba, ko jami'in da makaranta ta ce shi ke karɓar irin wannan buƙata a shiyyarku. A ƙarƙashinsa a rubuta cewa ta hannun shugaban makaranta take tafiya, a bar masa wurin sa hannu da hatimi. Kanun wasiƙar ya faɗi komai a layi guda: neman ƙarin lokaci saboda lalura, sunan ɗaliba, sunan makaranta, lambar cibiya, shekarar jarrabawa, da lambar ɗaliba idan ta fito.

Ga yadda cikin tamu ya kasance:

"Ni ce mahaifiyar ɗalibar da aka ambata a sama, wadda za ta zauna jarrabawar bana a wannan makaranta. Ina roƙon a ba ta tsarin da ya dace da lalurarta.

"Tana da cutar sikila, kuma ƙashin kafaɗarta ta dama, wadda take rubutu da ita, ya lalace, kamar yadda rahoton likita da na haɗa ya nuna. A awon da malamarta ta yi, ta rubuta kalmomi 120 cikin minti 10, yayin da 'yan ajinsu uku suka rubuta tsakanin 180 da 205. Bayan rabin awa tana rubutu, ta sauko zuwa 80.

"Saboda haka ina roƙon abubuwa uku. Na ɗaya, a ba ta lokaci ɗaya da rabi a duk takardun da ake amsawa da dogon rubutu, waɗanda na jera a bayan wannan shafi. Na biyu, a ba ta izinin shiga da gorar ruwa da fita bayan gida tare da rakiyar mai sa ido. Na uku, a zaunar da ita nesa da fanka da taga.

"Ba na neman a sauƙaƙa mata tambaya ko maki. A shirye muke mu kawo ta a duba ta idan hukuma ta buƙaci haka. Ina roƙon a ba mu amsa a rubuce ta hannun makaranta."

Sai sa hannu, cikakken suna, lambar waya, da jerin takardun da aka haɗa.

Me ya sa ɗaya da rabi? Ban da awonmu, WAEC ta saba rubutawa a bayanan da ke ƙasan jadawalin jarrabawarta cewa ɗalibai masu buƙata ta musamman, irin su makafi da kurame, a ba su lokaci ɗaya da rabi na abin da aka ba sauran. Karɓi jadawalin shekararka ka karanta wannan sashe da idonka. Wannan bayani ba ya nufin duk mai sikila ya shiga ciki kai tsaye, shi ya sa ake rubuta wasiƙar. Amma ya nuna maka ma'aunin da hukumar ta riga ta saba aiki da shi, kuma roƙon da ya zauna a kan ma'aunin da aka sani ya fi sauƙin amsawa a kan "a ƙara mata abin da ya samu". A aikace, takardar Turanci ta awa 2 ta koma awa 3, ta Lissafi mai awa 2 da rabi ta koma awa 3 da minti 45. Rubuta waɗannan alƙaluma a jerin darussan, kowane da nasa, don kada a bar wa mai sa ido lissafi a ranar.

Ka lura ba mu roƙi ƙarin lokaci a takardun zaɓi-ɗaya ba, waɗanda ake shafawa da fensir. Yayata ta so a haɗa duka. Na ce, "Yaya, shafa fensir ba ya gajiyar da kafaɗarta, kuma idan muka roƙi abin da ba mu da shaidarsa, mun raunana wanda muke da shaidarsa." Ta yarda. Ita ma yarinyar da aka tambaye ta haka ta ce.

Abubuwa biyu ka bar su a waje. Kada ka cika shafin da labarin daren da aka kwana a asibiti da kuɗin da aka kashe. Na san nauyinsu, mu ma mun ɗauke shi, amma jami'in ba shi da inda zai ajiye su, kuma suna binne roƙon. Kada kuma ka buɗe da barazanar kotu. Gaskiya ne akwai dokar tarayya ta 2018 da ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, kuma jihar Legas tana da tata dokar tun 2011, da ofishin LASODA mai kula da al'amuransu. Layi ɗaya na ambato cikin ladabi ya isa idan kana so. Idan yaron yana da rajista da LASODA, kwafin shaidar ya fi ambaton dokar amfani.

Mataki na biyar: miƙawa da bibiya

Yi kwafi uku na komai. Ainihin rahoton likita ya zauna a gida sai an nema. Bayan shugaban makaranta ya sa hannu, kwafi ɗaya na makaranta ne, ɗaya na hukuma, ɗaya naka. A kan naka ake buga hatimin karɓa da kwanan wata a ofishin da aka kai. Wasiƙar da ba ta da wannan hatimi, idan ta ɓace, kamar ba a taɓa rubuta ta ba. Idan malamin jarrabawa ne zai kai, roƙe shi ya dawo maka da kwafin mai hatimi, ka ɗauki hotonsa a waya a ranar.

Bayan mako biyu ka leƙa makaranta. Alamar cewa abu ya tsaya ita ce a riƙa ce maka "ba matsala, za mu kula da ita" ba tare da takarda ba. Kyakkyawar niyya ce, amma babban mai sa ido na ranar jarrabawa daga waje ake turo shi, bai san yarinyar ba, kuma ba zai bar ɗaliba ɗaya tana rubutu bayan an karɓe takardun kowa ba sai ya ga izini a rubuce. Yana da gaskiya, domin shi za a tuhuma. Hukuma tana iya amincewa da duka, ko wani sashe, ko ta nemi ƙarin shaida. Idan ta ƙi, tambayi dalili a rubuce, ka cike giɓin da aka nuna ka sake miƙawa muddin lokaci bai ƙure ba.

Wannan wasiƙa ta WAEC ce kaɗai. NECO, mai hedikwata a Minna, tana buƙatar tata daban, haka JAMB. Ita JAMB tun 2017 tana da wani rukuni na musamman mai suna JEOG da ke shirya jarrabawa ga makafi da wasu masu buƙata ta musamman, kuma lokacin rajista ake bayyana lalura. A duk jarrabawar da ake yi a kwamfuta agogon yana cikin na'urar, shi yake rufe shafi da kansa, don haka roƙon mai sa ido a ranar ba zai ƙara ko minti ɗaya ba.

Idan amincewa ta zo

Sa kwafin takardar a leda tare da katin jarrabawa, ta shiga da shi kowace rana. Kafin ranar farko ku zauna da malamin jarrabawa da jadawali a gabanku, domin ƙarin lokaci yana haifar da tasa matsalar. Sau da yawa takarda ta biyu da ta ɗaya na darasi guda a jere ake yin su, ana gama wannan a shiga waccan. Idan ita tana da sauran awa guda a ta rubutu, 'yan ajinsu sun riga sun shiga ta gaba. Dole a san tun da wuri inda za ta zauna, wa zai tsaya a kanta, da yadda za a hana ta haɗuwa da waɗanda suka riga suka ga tambayoyin. Ɗaki daban ko kusurwar da ba a wucewa ya kan warware wannan.

A gida kuma ta gwada zama na awa 3 da tsofaffin tambayoyi, aƙalla sau biyu, don ta gano inda ya kamata ta ajiye biro tun kafin kafaɗar ta tilasta mata. Tamu ta gano cewa hutun minti 3 bayan kowane minti 20 ya fi mata amfani a kan ta jure har zafin ya kama, domin idan ya kama sai ta yi minti 10 ba ta dawo ba. Rigar sanyi da lema su kwana a jakarta.

Akwai abin da takardar ba ta rufe ba. Ƙarin lokaci na wanda ya zo ɗakin jarrabawa ne. Idan ciwo ya tashi da asuba, zafi mai tsanani, ko zazzaɓi, ko ciwon ƙirji da wahalar numfashi, asibiti za a nufa ba makaranta ba, ko da takardar Lissafi ce a ranar. A kira malamin jarrabawa a sanar da shi, a karɓi shaidar kwanciya daga asibiti, makaranta ta rubuta wa hukuma. Darasin da aka rasa ana iya sake zama a kansa a jarrabawar masu zaman kansu da WAEC take yi daga baya, kuma a can ma za a buƙaci sabuwar wasiƙa da sabon kwanan wata, don haka fayil ɗin nan, da awon malama da rahoton likita, a adana shi wuri guda inda kowa a gidan ya sani.